Kafin ka biya: yadda ake karanta teburin kwatanta tsare-tsare

Duk kamfanin da ke sayar da hidima ta wata-wata, ko na data ne, ko na talabijin, ko na manhajar taro ta intanet, yana da tebur guda da yake shimfiɗa wa mai saye. A saman teburin akwai sunayen tsare-tsare uku ko huɗu, kowanne da farashinsa da manyan lambobi. A gefen hagu kuma an jera abubuwan da ake samu, ɗaya ƙarƙashin ɗaya. Yawancinmu daga sama muke fara karatu: mu duba farashi, mu zaɓi wanda aljihu zai ɗauka, sannan mu gangara muna ƙirga alamun ✓. Haka kamfanin yake so a karanta, shi ya sa ya ƙawata saman. Wanda ke son ya san abin da zai samu a zahiri, daga gefen hagu yake farawa, ya bi layi ɗaya a kwance har ƙarshensa, kuma ba ya buɗe teburin sai ya riga ya rubuta buƙatarsa da lambobi.

Mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce wani malami ne a Jega da ke shirya ɗalibai domin jarrabawar JAMB. Ɗalibansa 130 ne, wasu a cikin garin Jega, wasu a Aliero, wasu a Maiyama da ƙauyukanta, kuma kuɗin mota sau uku a mako ya fi ƙarfin iyaye da yawa. Sai ya yanke shawarar ya riƙa ba da darasin dare ta Zoom. Kowane darasi minti 90 ne, sau uku a mako, na tsawon wata uku. Yana kuma son a naɗi darasin domin wanda sabis ya yanke masa ya kalla daga baya. Kwamfuta ba shi da ita, waya ce kawai a hannunsa.

Wannan bayanin shi ne rabin aikin. A cikinsa akwai lamba 130, akwai 90, akwai wata uku, akwai naɗi, akwai waya. Abubuwa biyar ke nan, kuma layuka biyar kawai zai nema a teburin da ke da layuka sama da talatin. Sauran layukan, komai kyan sunansu, ba su shafe shi ba. Wanda bai rubuta irin wannan ba, teburin ne zai gaya masa abin da yake buƙata, kuma tebur ba ya taɓa cewa ƙaramin tsari ya ishe ka.

Abin da ke cikin kowane gida

Inda layin kwance ya haɗu da na tsaye akwai ɗan gida, kuma amsar da ke cikinsa ba ta wuce iri huɗu. Ko dai akwai abin ba tare da sharaɗi ba, ko akwai shi amma da iyaka, ko akwai shi idan ka ƙara kuɗi daban, ko babu shi sam sai ka hau mataki na gaba. Na farko da na ƙarshe ba su da wuyar ganewa. Na biyu da na uku su ne ke shigar da mutane uku, domin daga nesa duk kama suke yi da "akwai".

Malaminmu ya fara da layin tsawon taro. A ƙarƙashin tsarin kyauta, wanda Zoom ke kira Basic, an rubuta minti 40. A ƙarƙashin Pro an rubuta awa 30. Wannan iyaka ce a fili, ba a ɓoye ta ba. Darasinsa na minti 90 zai yanke sau biyu a tsarin kyauta, kuma duk yankewa sai ɗalibai sun sake shiga. Ga mutum biyar wannan ba komai ba ne. Ga mutum ɗari da ke kan sabis mai zuwa yana tafiya, kowace sake shiga tana cin mintuna, wasu kuma ba za su dawo ba. Akwai lokacin da wannan iyaka ba ta shafi hirar mutum biyu ba, amma a 2022 kamfanin ya faɗaɗa ta har zuwa can. Wanda ya dogara da abin da abokinsa ya gaya masa kafin 2022, tsohon tebur yake karantawa.

Layi na biyu shi ne yawan mahalarta, kuma a nan ne idon mai gaggawa ke zamewa. Basic, mutum 100. Pro, mutum 100. Lambar ba ta motsa ba. Mutum yakan ɗauka cewa da zarar ya biya kuɗi dukkan iyakoki sun ɗaga, alhali biyan Pro tsawon lokaci ya saya, bai sayi ƙarin kujera ko ɗaya ba. Sai a mataki na uku, Business, lambar ta koma 300. Wanda ya karanta teburin a tsaye, ya gangara ƙarƙashin Pro kawai, zai ga 100 ya ce madalla. Sai wanda ya karanta a kwance ne zai lura cewa daidai take da ta kyauta. Ka kuma tuna cewa ɗarin nan har da malamin kansa a ciki, wato ɗalibai 99 ne. Na gaba da ya zo shiga zai tarar da saƙon cewa taro ya cika, ya tsaya a waje sai wani ya fita.

Kalmomin da ke nuna iyaka ƙanana ne, kuma da Turanci suke zuwa a allo. Idan ka ga `Up to` a gaban lamba, wannan lambar ita ce rufi, ba a wuce ta. Idan ka ga `per month` ko `per day`, tambayi kanka abin da ke faruwa idan ya ƙare kafin lokacin. Idan ka ga ɗan tauraro * ko ƙaramar lamba a saman kalma, gangara ƙasan teburin ka nemo abokiyarta, domin ainihin maganar tana can cikin ƙananan haruffa. A waya sau da yawa teburin a naɗe yake zuwa, sai ka taɓa `Compare plans` ko `See all features` kafin ya buɗe gaba ɗaya. Katunan da ake nunawa a sama talla ce, cikakken teburin yana ƙasa.

Wanda ake saya daban

A layin mahalarta ɗin nan, kusa da 100 na Pro, akwai bayanin cewa ana iya ƙarawa da wani abu mai suna `Large Meeting`, wanda ke kai taro mutum 500 ko 1,000. Wannan shi ne `Add-on`. Ba ya cikin farashin da ke saman teburi, kuma ba a sayar wa mai tsarin kyauta shi, sai ka riga ka mallaki lasisin biya sannan a ɗora maka shi a kai. Duk wanda ya taɓa sayen albasa a Aliero ya san wannan lissafin: kuɗin da aka faɗa maka na albasar ne, buhu da ɗinki da 'yan dako da mota kowanne da nasa, kuma sai ka haɗa su kake sanin nawa ta iso maka gida.

Yanzu malamin yana da hanya biyu ta shigar da mutum 130 taro ɗaya: Pro tare da ƙari, ko Business kai tsaye. Mu yi lissafin da farashin da kamfanin ya yi amfani da shi a shekarun 2020 da 2021, lokacin da makarantu suka koma intanet saboda korona. Pro dala 14.99 ne a wata, Business dala 19.99, ƙarin `Large Meeting` kuma daga dala 50 yake farawa. Kallon farko, amsar a fili take: bambancin Pro da Business dala biyar ne kacal, me zai sa a biya hamsin? Amma a ƙarƙashin farashin Business na wancan lokaci akwai ɗan rubutu da ke cewa ba a sayen ƙasa da lasisi goma. Dala 19.99 sau goma ya zama dala 199.90 a wata. Pro da ƙarinsa kuwa dala 64.99 ne. Tsarin da ya yi kama da mai sauƙi ya ninka ɗayan sau uku, kuma abin da ya juya lissafin ba ya cikin layukan ✓ ko kaɗan, yana manne da farashi cikin haruffan da ido ke tsallakewa.

Farashi da sharuɗɗa suna canzawa, don haka a ranar da za ka saya ka nemi wannan ɗan rubutun da kanka. Idan ka ga `per user` ko `per license`, kuɗin na mutum ɗaya ne mai kiran taro, ba na makaranta duka ba. Sannan ka duba mafi ƙarancin lasisin da aka yarda a saya. Idan ya nuna ana iya sayen guda ɗaya, to lissafin ya sake juyawa, Business ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Ba a haddace amsar, hanyar lissafin ake riƙewa.

Ni dai a ganina, kafin malamin ya biya ko ɗaya daga cikin biyun, akwai tambayar da ta fi su muhimmanci. Iyakar ɗarin nan ta waɗanda ke cikin taro a lokaci guda ce, ba ta waɗanda suka yi rajista ba. Cikin ɗalibai 130, nawa ne za su kasance a kan layi da ƙarfe takwas na dare, da caji a waya, da data, da sabis? Ya gwada mako guda da tsarin kyauta, ya riƙa duba lambar mahalarta a tsakiyar darasi yana rubutawa. Idan bai taɓa wuce 85 ba, Pro kaɗai ya ishe shi. Idan yana taɓa ɗari, to ko ya biya ƙari, ko ya raba ajin gida biyu, 65 da 65, ya san kuma cewa ya saya wa kansa ninkin awannin koyarwa. Wannan ma farashi ne, sai dai da maƙogwaro ake biyansa.

Alamar ✓ da ba ta cika ba

Saura naɗin darasi. A nan tebur yakan raba abin gida biyu, kuma wanda bai lura ba zai ɗauka abu ɗaya ne. Akwai naɗin da ake ajiyewa a cikin kwamfutarka, wanda har mai tsarin kyauta yana da shi. Akwai kuma `Cloud recording`, wanda ake ajiyewa a rumbun kamfanin, shi kuma sai mai biya. Malaminmu zai ga ✓ a layin farko ƙarƙashin Basic ya yi murna. Amma naɗin farkon a kwamfuta kawai yake aiki. Daga waya, hanyar naɗi ɗaya ce, ta rumbun kamfani. Ga mai waya kaɗai, wannan ✓ ɗin daidai yake da babu.

Da ya hau Pro ya samu rumbun, amma shi ma da iyakarsa, 'yan gigabait ne ga kowane lasisi, kuma lambar ta sha canzawa. Darasi 12 a wata, kowanne awa ɗaya da rabi, awa 18 ke nan na bidiyo. Idan bai riƙa saukewa yana gogewa ba, rumbun zai cika, ƙarin wuri kuma wani `Add-on` ne. Abu guda ke nan ya haɗa dukkan tarkunan uku: babu shi a ƙasa, yana da rufi a tsakiya, ana sayar da ƙarinsa daban.

Ba Zoom kaɗai ke yin haka ba. A Google Meet na kyauta taron mutum uku zuwa sama minti 60 ne, mahalarta 100, naɗi kuma sai a tsarin biya. A talabijin ma haka ne. Shekaru da dama masu kallon ƙwallo sun san cewa a DStv gasar Firimiya daga Compact take farawa, gasar Zakarun Turai kuma sai Compact Plus. Layin da ke cewa tashoshi kaza ba ya gaya maka wannan. Kamfani yakan ɗauki abu guda da ya san mutane ba sa iya haƙura da shi ya ajiye a mataki na sama, ya cika na ƙasa da yawa. Saboda haka kada ka ƙirga, nemi sunan abin da kake so.

Maɓallin da ke saman farashi

A saman teburin akwai ɗan maɓalli mai gefe biyu, `Monthly` da `Annual`, kuma galibi a kan na shekara yake idan ka buɗe. Lambar da kake gani a matsayin kuɗin wata, kuɗin shekara ne aka raba goma sha biyu, a ƙasanta an rubuta `billed annually`. A farashin da muka yi amfani da shi, Pro na shekara dala 149.90 ne, wato kusan 12.49 a wata, ƙasa da 14.99. Ga wanda zai yi aiki da shi shekara cur, ragi ne na gaske. Malaminmu wata uku yake buƙata: 14.99 sau uku dala 44.97 ne. Da ya bi lambar da ta fi ƙanƙanta, da an cire masa 149.90 a take, ya biya wata tara da babu ɗalibi ko ɗaya.

A kan wannan sai a ɗora harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, wanda ba ya cika fitowa a tebur sai a shafin biya, da kuma canjin dalar da bankinka zai yi amfani da shi a ranar. Katin naira ma yana da tasa iyakar ta kashe dala, don haka a tambayi banki tun kafin ranar fara darasi. Lambar da za ka amince da ita ita ce ta shafin ƙarshe, dab da danna biya. Kuma irin wannan biya kansa yake sabuntawa. Ranar da ka saya, ka sa wa wayarka tunatarwa kwana uku kafin wata na ƙarshe ya cika.

Tebur na biyu, na data

Darasin ba zai tafi ba sai da data, kuma teburin kamfanonin waya ya fi na Zoom lauje cikin naɗi. Nan ma da lamba ake farawa. Zoom da kansa ya ce taron jama'a na bidiyo mai matsakaicin kyau yana buƙatar kusan 1.0 Mbps na turawa da 600 kbps na saukewa. A haɗe 1.6 Mbps ke nan. Kowane 1 Mbps yana cin megabait 450 a awa, don haka awa ɗaya kusan megabait 720 ce, awa 18 kuma kusan gigabait 13 a wata. Da wannan lambar malamin zai danna *312# ko ya buɗe teburin kamfanin.

Abin dubawa na farko shi ne ko lambar da aka rubuta dunƙulalliya ce ko haɗin gambiza. A ce an rubuta gigabait 15, amma a bayani aka ce 10 na kowane lokaci, 5 kuma na dare ko na wata manhaja guda. Darasin ƙarfe takwas ba ya cikin abin da kamfanonin waya ke kira dare, nasu daren can wajen tsakar dare yake farawa. Ga malamin, wannan tsarin gigabait 10 ne, bai kai 13 ɗin da yake nema ba. Bayan an saya, *323# zai nuna ragowar data, kuma idan ka ga an jera ta kashi biyu ko uku, kowanne da ranar ƙarewarsa, to ka san irin wanda ka saya.

Na biyu shi ne `Unlimited`. Kusan kullum akwai `Fair Usage Policy` a ƙarƙashinsa, wato za ka yi gudu har ka kai wani adadi, daga nan a rage maka sauri zuwa ƙarshen wa'adi. Lambobi biyu za ka nema: adadin da ake ragewa a kansa, da saurin da ake mayar da kai. Idan, a misali, an mayar da kai 512 kbps, intanet bai yanke ba, saƙon WhatsApp zai shiga, amma bidiyon da ke son 1.0 Mbps zai riƙa daskarewa. Alamar wannan ita ce komai ya yi lafiya a farkon wata, ya lalace a mako na uku, kowane wata, alhali sandunan sabis a cike suke. A 2024 hukumar NCC ta umarci kamfanonin waya su sauƙaƙa tsare-tsarensu, su kuma bayyana farashi da sharuɗɗa a fili, don haka kana da hujjar neman waɗannan lambobin biyu a wurin mai sayarwa. Idan ƙorafi ya gagara a wajen kamfani, layin hukumar 622 ne.

Akwai kuma abin da babu tebur ɗin da zai faɗa maka. Tsari na iya yin alkawarin 5G ko wani babban sauri, amma abin da turken da ke unguwarka ke bayarwa shi za ka samu. Layin da ke tashi a bakin titin Jega ba lallai ne ya yi haka a wani ƙauye na Maiyama ba. Kafin sayen na wata, a sayi na kwana ɗaya a gwada a ɗakin da za a zauna, a daidai lokacin da za a yi darasin. Idan sabis bai ɗauki bidiyo ba, akwai mafita mai arha: murya kaɗai 60 zuwa 80 kbps take ci, nuna allo ba tare da hoton fuska ba kuma 50 zuwa 75. Malamin da ya kashe kyamara ya nuna rubutu yana magana ya rage wa kansa da ɗalibansa data fiye da kowane ragi da ke cikin tebur.

Bayan an biya

Kada a bari sai daren darasi. Malamin ya shiga asusunsa a shafin Zoom, ya duba `Profile`, inda ake nuna irin lasisinsa da yawan mutanen da taronsa ke ɗauka. Idan ya sayi ƙari amma lambar tana nan a 100, to ba a ɗora ƙarin a kan sunansa ba, sai ya shiga wajen kula da masu amfani ya ɗora. Ya kira ɗan gajeren taro da mutum biyu, ya danna naɗi daga wayar, ya tabbatar bidiyon ya fito. Ya kuma ɗauki hoton teburin da na shafin biya ya ajiye, domin idan an canza sharaɗi gobe, shi ne shaidar abin da aka sayar masa.

Lasisin kuma a kan asusun da ya biya yake, ba a kan ajin ba. Idan wata rana ya ce wa mataimakinsa ya shirya darasi, shi kuma ya kira taron da nasa asusun na kyauta, agogon minti 40 zai dawo, rufin mutum ɗari ma haka, ko da malamin yana cikin taron. Duk mahaɗin da za a tura wa ɗalibai, daga asusun da aka biya za a ƙirƙiro shi.